Jimla ɗaya a ƙasan takardar neman aiki

Ranar wata Lahadi ta watan Oktoba, bayan sallar la'asar, maƙwabcina Alhaji ya yi sallama a ƙofar gidana a Agege, 'yarsa ta biyu tana biye da shi riƙe da ambulan. Ta gama digirinta a fannin Faransanci, ta yi shekarar da ɗaliban wannan fanni suke yi a Ƙauyen Koyon Faransanci na Badagiri, ta kuma gama bautar ƙasa. Wani kamfanin jigilar kaya da ke Apapa, wanda yake da ofis a Kwatano, ya fitar da sanarwar neman ma'aikaciyar ofis mai jin harsuna biyu, kuma sanarwar ta ce a aiko da takardar neman aiki da Faransanci kafin ranar Juma'a.

"Mushe," in ji Alhaji, domin haka yake kirana cikin raha tun da ya ji cewa da wannan suna ake kiran malamin makaranta a garinmu, "ga 'yarka ta rubuta takarda. Ni dai ban san ko alif a cikinta ba. Ka duba mata, kada a je a ji kunya."

Ni haifaffen Maraɗi ne, da Faransanci na yi karatu tun daga firamare, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina cin abinci a Legas da fassara wasiƙu da takardun ciniki tsakanin 'yan kasuwar nan da abokan hulɗarsu na Kwatano, Lome da Yamai. Saboda haka irin wannan aiki ba baƙo ba ne a wurina. Muka zauna a baranda, na ɗauko jan biro, na nemi ta ba ni abu biyu: takardar da ta rubuta, da sanarwar da kamfanin ya fitar. Ta yi mamakin na biyun, domin a ganinta takardar kawai aka kawo a duba. Na ce mata ba na fara gyaran takardar neman aiki sai na ga wanda za a aika wa, domin rabin kurakuran da ake yi a ladabin wasiƙar Faransanci daga nan suke tasowa.

Ai kuwa a layin ƙarshe na sanarwar an rubuta cewa a aika da takardu *à l'attention de la Directrice des ressources humaines*, wato zuwa ga shugabar sashen kula da ma'aikata, kuma kalmar *Directrice* ta nuna mace ce. Ita kuwa takardar 'yar tawa ta buɗe da *Cher Monsieur*. Kuskure biyu ke nan a kalma biyu. Na farko, ta mai da mace namiji, kuma wadda za ta karanta takardar za ta gane nan take cewa mai neman aikin ba ta karanta sanarwar zuwa ƙarshe ba. Na biyu, kalmar *cher*. A wasiƙar Ingilishi da ake koyarwa a nan, kalmar da ta yi daidai da ita ta zama al'ada kawai, ana rubuta wa kowa ba tare da an ji komai ba. A Faransanci kuwa tana nan da nauyinta, tana nuna akwai sanayya, kamar ka shiga ofishin wanda ba ka taɓa gani ba ka dafa kafaɗarsa. Mai neman aiki ba ya amfani da ita. Idan ba a san wanda zai karanta ba, sai a rubuta *Madame, Monsieur,* da waƙafi a tsakani da kuma a ƙarshe. Idan an san muƙaminsa, sai a kira shi da muƙamin. Ba a haɗa sunan mutum a wannan layi bisa tsohuwar ƙa'ida, ba a kuma taƙaita kalmar zuwa *M.* ko *Mme*, wannan sai a adireshi. Na soke layin na rubuta *Madame la Directrice,* a samansa, na kuma zana masa da'ira, na ce mata ta riƙe waɗannan kalmomi uku domin za mu sake buƙatarsu a ƙasa.

Ta tambaye ni ko ba za a ce *Mademoiselle* ba idan matar ba ta da aure. Na ce a wasiƙar aiki babu ruwan kowa da auren mace, *Madame* ake ce wa kowace. Gwamnatin Faransa ma ta ba da umarnin cire waccan kalma daga takardun hukuma tun a shekarar 2012.

Daga nan na karanta sakin layi na farko da babbar murya, abin da nake yi wa kowace takarda, domin kunne yana kama saɓanin murya kafin ido ya kama. Ga abin da ta rubuta:

> J'ai l'honneur de venir très respectueusement solliciter de votre haute bienveillance un emploi dans votre société. Je veux appliquer pour la position d'assistante bilingue. Je suis très excitée par cette opportunité.

Jimloli uku ne, kuma kowace da bakin mutum daban take magana. Da na tambaye ta, sai ta amsa cewa ta farkon daga takardar wata ƙawarta 'yar Benin ta kwafo ta, sauran biyun kuma ita ta rubuta. Na yi dariya, domin ta farkon na san ta kamar yunwar cikina. Da irin ta muka tashi. A Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta raina, idan za ka nemi aikin gwamnati ko shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata, takan zama dole ka rubuta takardar nema da hannunka, wani lokaci ka manna mata kan sarki, kuma da wannan jimla ake buɗe ta: ina da alfarmar zuwa cikin matuƙar ladabi domin in roƙi madaukakiyar kulawarku. A wurinta daidai take, kuma har yau idan wani ya kawo mini takardar da za a kai wa minista ko shugaban jami'a a can, ba na taɓa ta. Amma wannan kamfanin kasuwanci ne da ya fitar da sanarwa yana neman ma'aikaciya. Ba alfarma ake roƙo ba, amsa kira ake yi. Na ce mata kamar mutum ne ya je wurin manajan shago ya zube yana "Allah ya ja zamanin sarki". Gaisuwar ba ta da laifi, amma ba ta wannan zaure ba ce.

Ba zan ɓoye ba, na ɗan yi jinkiri kafin in soke ta. Kunnena ya saba da ita, kuma akwai tsofaffin ma'aikata a Kwatano da za su karanta ta su ji daɗi. Abin da ya yanke mini hukunci shi ne yadda sanarwar kanta take: gajera ce, babu kwalliya, ta lissafa abin da ake so ta ba da adireshin imel. Wanda ya rubuta haka, haka yake son a amsa masa.

Jimla ta biyu kuwa ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. *Je veux*, ina so, magana ce ta kai tsaye wadda a wasiƙa take jin kamar umarni, kuma bayan an gama durƙuso a jimlar farko sai ta ƙara fitowa fili. Ana tausasa ta da *je souhaite* ko *je souhaiterais*, ko a kauce mata da *je me permets de*. Sauran jimlar Ingilishi ne sanye da rigar Faransanci. *Appliquer* a Faransanci shafa fenti ne ko aiwatar da doka, ba neman aiki ba, mai neman aiki *postuler* yake yi ko ya gabatar da *candidature*. Gurbin aiki kuma *poste* ne, ba *position* ba. Wannan shi ne ciwon da ya fi damun ɗalibanmu na Nijeriya, domin harsunan biyu suna da dubban kalmomi masu kama ɗaya, kuma na'urar duba rubutu ba ta ja wa irin waɗannan jan layi tunda kowace kalma tana cikin ƙamus.

Jimla ta uku na jira sai da Alhaji ya tashi amsa waya sannan na yi mata bayani a taƙaice. *Je suis excitée*, musamman daga bakin mace, kunnen mai jin Faransanci yana iya kai ta ga sha'awar jiki, ba ɗokin samun aiki ba. Ta rufe baki da gefen mayafinta ta ce, "Kawu, wallahi ban sani ba." Na ce ba ita kaɗai ba ce, mu wuce. Sakin layin ya koma haka:

> En réponse à votre annonce du 7 octobre, je me permets de vous adresser ma candidature au poste d'assistante bilingue, qui m'intéresse vivement.

Tsakiyar takardar ba ta ba mu wahala ba. Ta bayyana karatunta da aikin da ta yi lokacin bautar ƙasa da Faransanci mai tsafta, ta riƙe *vous* daga farko har ƙarshe, kuma ban gyara komai ba sai wurare biyu da ta manta cewa mace ce take rubutu, ta sa *diplômé* da *convaincu* ba tare da ƙarin *e* na tamata ba. A sakin layi na ƙarshe ta rubuta *je vous serais gré*, kuskuren da su kansu Faransawa suke yi kullum. Aikatau ɗin da ke cikin wannan salon magana *savoir* ne, ba *être* ba, don haka *je vous saurais gré* ne daidai. Amma na ba ta shawarar ta bar shi gaba ɗaya, domin jimlar tana neman a gayyace ta ganawa, alhali abin da aka saba shi ne mai nema ya ce yana nan a shirye: *Je me tiens à votre disposition pour un entretien.* Kalmar *interview* da ta sa, a Faransanci hirar 'yan jarida ce.

Sai muka iso inda na san za mu daɗe. Ga yadda ta rufe takardar:

> Dans l'attente de votre réponse, veuillez croire, Monsieur/Madame, à l'assurance de mes salutations distingués.
>
> Sincèrement vôtre,

Na ajiye biro na tambaye ta me jimlar take nufi. Ta ce gaisuwar rufewa ce, haka ake rubutawa. Na ce ta fassara mini ita da Hausa kalma bayan kalma. Ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, sai ta yi dariya ta ce ba ta taɓa tunanin tana da ma'ana ba, ita dai ta ɗauke ta kamar "haza wassalam" da ake sawa a ƙarshen wasiƙa. A nan matsalar take. Mu a Hausa muna ɗora gaisuwar a sama, "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri", mu rufe da kalma ɗaya ko biyu. Ingilishi ma da kalma biyu yake rufewa. Faransanci kuwa yana rufewa da cikakkiyar jimla, mai aikau da aikatau da karɓau, kuma kowane yanki nata dole ya dace da na kusa da shi. Wanda ya haddace ta a matsayin dunƙule ɗaya, idan ya haɗo kan wata da wutsiyar wata ba zai ji gurɗewar ba. Tata an haɗo ta daga jimloli uku daban-daban, kuma na nuna mata mahaɗan ɗaya bayan ɗaya.

Mahaɗi na farko yana tsakanin *dans l'attente de votre réponse* da *veuillez*. Na tambaye ta wa yake jiran amsa. Ta ce ita. Na ce to *veuillez* da wa yake magana. Ta ce da shugabar, tunda umarni ne cikin ladabi. A ƙa'idar Faransanci, yankin da ya buɗe jimla irin wannan yana komawa ga aikau na babban aikatau. Idan aikatau ɗin *veuillez* ne, aikau ɗinsa *vous* ne, sai jimlar ta koma cewa shugabar ce take zaune tana jiran amsar kanta. Gyaran mai sauƙi ne: duk lokacin da jimlar ta fara da *dans l'attente de*, ko *en vous remerciant*, ko *espérant*, abin da zai biyo baya shi ne *je vous prie de*, domin mai jira da mai roƙo su zama mutum ɗaya. Idan kuma ana son *veuillez*, sai a bar shi ya buɗe jimlar shi kaɗai. Wannan kuskure ya yi yawa har wasu masu ɗaukar ma'aikata ba sa ganinsa, amma aikin da take nema aikin rubuta wasiƙun kamfani ne, kuma wadda za ta karanta takardar tana auna ta ne a kan daidai wannan.

Mahaɗi na biyu tsakanin aikatau da abin da ya ɗauka. *Croire* gaskatawa ne. Ana iya roƙon mutum ya gaskata cewa kana girmama shi, ko ya gaskata abin da ke zuciyarka game da shi, amma ba a gaskata gaisuwa. Gaisuwa karɓarta ake yi, don haka *salutations* tana tafiya da *agréer* ko *recevoir*. Haka nan ba a ba da tabbacin gaisuwa, saboda haka *l'assurance de mes salutations* ba ta zauna ba. Masu tsananin kiyaye harshe ma suna ƙin *l'expression de mes salutations*, suna cewa abin da ke zuciya ake bayyanawa, gaisuwa kuwa miƙa ta kawai ake yi. Wannan na ƙarshen ya bazu sosai, yana cikin wasiƙun bankuna da na ofisoshi da suke biyowa ta hannuna kowane mako, kuma ba na kiran sa kuskure idan na gan shi a takardar wani. Amma idan ni nake gyara, cire shi nake yi, tunda cirewar ba ta rage komai.

Kalmar *assurance* tana da wani nauyi kuma, wanda ya shafi matsayi. A tsohuwar al'adar wasiƙun hukuma, babba ne yake ba ƙarami tabbacin girmamawarsa, ko tsara ya ba tsara. Ƙarami idan zai rubuta wa babba *expression* yake amfani da ita, yana bayyana girmamawa yana roƙon a karɓa. Na koyi wannan da kunya. Shekarata ta farko a aiki na rubuta wa wani dattijon ɗan kasuwa na Lome wasiƙa a madadin maigidana, wanda a haife dattijon ya haife shi, na rufe ta da *recevez l'assurance de ma considération*. Dattijon bai ce komai ba a rubuce, amma da suka haɗu ya tambayi maigidan nawa cikin murmushi tun yaushe ya zama gwamna. Tun daga ranar nake duba wannan kalma sau biyu. Matasan yau da yawa ba su san bambancin ba, amma mai neman aiki ba ya zaɓar shekarun wanda zai karanta takardarsa.

Mahaɗi na uku shi ne abin da ke tsakanin waƙafi biyu. Ƙa'idar ba ta da togiya: kalmomin da aka kira mutum da su a sama, su ake maimaitawa a nan, harafi da harafi. Na nuna mata da'irar da na zana tun farko. An buɗe da *Madame la Directrice*, dole a rufe da *Madame la Directrice*. Wannan karan da ta gitta tsakanin *Monsieur* da *Madame* na fom ne, ba na wasiƙa ba, kuma ko da ba a san mai karatu ba, *Madame, Monsieur* ake rubutawa da waƙafi, mace a gaba.

Saura sifa. Ta rubuta *distingués*, siffar jam'in namiji, alhali *salutations* jam'in tamata ne, yana buƙatar *distinguées*. Na gane inda ta samo shi: daga jimlar da take ƙarewa da *sentiments distingués*, wadda a can daidai ne. Da baki duk ɗaya ake furta su, shi ya sa karatu da murya ba ya kama wannan, sai an bi da yatsa. Sai ta tambaya me zai hana ta sa *sentiments* ɗin kawai ta huta. Na ce ba laifi ba ne tunda mace take rubuta wa, amma tsohuwar al'ada ba ta son mace ta aika wa namiji *sentiments*, ko namiji ya aika wa mace, saboda kalmar tana iya karkata zuwa maganar zuciya. Al'adar ta yi rauni yanzu, sai dai tunda wannan takardar za ta zama abin kwaikwayonta a wasu wurare, gara ta saba da abin da zai shiga ko'ina.

Zaɓi biyu suka rage mana. Ko *mes salutations distinguées*, wadda take tsaka-tsaki, ko *l'expression de ma considération distinguée*, wadda ta ɗara ta girmamawa kaɗan. Alhaji, wanda ya dawo ya zauna yana sauraro, ya ce idan akwai wadda ta fi duka girma a sa ta, ai ladabi ba ya yawa. Na ce masa akwai, *haute considération* da *très haute considération*, amma waɗannan na ministoci ne da jakadu da shugabannin ƙasa, kuma idan aka ba shugabar sashe rawanin da ya fi kanta, za ta ɗauka ko ba a san matsayinta ba ko ana yi mata daɗin baki. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, kamar a kira mai unguwa da taken sarki ne. Muka tsaya a kan ta biyun, tunda da muƙami muka kira ta:

> Dans l'attente de votre réponse, je vous prie d'agréer, Madame la Directrice, l'expression de ma considération distinguée.

*Sincèrement vôtre* kuwa soke ta kawai na yi. Fassarar rufewar Ingilishi ce, kuma a Faransanci bayan waccan jimla babu abin da ke biyowa sai sa hannu da suna. Rufewa biyu a takarda ɗaya kamar mutum ne ya yi sallama ya fita, ya sake leƙowa ya ce sai an jima.

Ana kiran magariba muka tashi, da alkawarin za ta shigar da gyaran a kwamfuta ta kawo mini washegari. Kafin ta tafi na lissafa mata ƙananan abubuwan da za ta duba da kanta. Ta mai da harshen duba rubutu zuwa Faransanci, domin a Ingilishi yake, shi ya sa duk shafin ya yi ja har ta daina kula da jan layin. Ta rubuta kwanan wata *Lagos, le 14 octobre 2024*, sunan wata da ƙaramin baƙi. Ta bar tazara kafin ruwa biyu a layin *Objet :*, kuma ta yi tazarar da `Ctrl+Shift+Space` domin kada alamar ta faɗa layi na gaba ita kaɗai. Wasulan da suke da alama a ka, waɗanda madannan kwamfutarta ba su da su, ta daina kwafo su ɗaya ɗaya daga wasu shafuka, abin da ya sa wasunsu suka fito da wani salon rubutu daban. A manhajar Word, `Ctrl+'` sannan `e` yana ba da *é*.

Ranar Litinin da yamma ta dawo da takardar a buge, shafi ɗaya cif. Na karanta ta sau biyu, na farko daga sama zuwa ƙasa da murya, na biyu daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko da yatsa, domin idan aka juya tsarin hankali ba ya cike gurbin abin da babu. Ban sami komai ba, na ce ta aika. Ta buɗe imel ɗin da ta tanada a wayarta domin in gani, layi uku ne: ga takardata da tarihin karatu da aikina a haɗe. Ta so ta maimaita doguwar jimlar a ƙarshensa, na ce a'a, imel ɗin rakiya ne kawai, doguwar tana cikin takardar da aka maƙala. *Cordialement* da ake yawan gani a imel ta fi dacewa bayan an fara musayar saƙo, a saƙon farko zuwa ga wadda ba ta san ta ba gara ta rubuta *Respectueusement*, ta sa sunanta.

Tana shirin dannawa sai ta tsaya, ta sake ɗaukar takardar ta kai ta kusa da fitila.

"Kawu, a adireshin nan na sama, ba *attention* sanarwar ta ce ba?"

Na karɓa na duba. A hannun dama, saman sunan kamfanin, an rubuta *À l'intention de la Directrice des ressources humaines*. Tun a takardar farko yake nan, na wuce shi ranar Lahadi domin idona yana kan *Cher Monsieur*, na sake wuce shi sau biyu a ranar Litinin. *À l'attention de* shi ne na wasiƙa, a kai ta gaban wance ta duba. *À l'intention de* kuwa abin da aka shirya domin wani ne, kamar liyafa ko addu'a. Na miƙa mata jan biron, ta soke *in* ta rubuta *at* da hannunta, ta koma shagon buga takardu na bakin titi kafin su kashe janareto.